Kurakuran da Ake Ta Maimaitawa Wajen Bin Asalin Kalmomin Hausa

Yawancin masu fara binciken asalin kalmomi da kunne kawai suke aiki. Da sun ji kalmar Hausa ta yi kama da wata ta Larabci ko Turanci, shi ke nan an yanke hukunci cewa aro ce. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne ɓarna, kuma shi ya fi yawa a takardun ɗalibai.

Kamannin kalmomi biyu yana da sababi uku: ko aro, ko gado daga kaka ɗaya, ko dace kawai. Hausa tana cikin harsunan Cadi, su kuma reshe ne na babban gidan da Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye da tsohon harshen Masar suke ciki. Saboda haka idan "mutu" ya yi kama da "mata" ko "maut" na Larabci, ba wai Bahaushe bai san sunan mutuwa ba sai da Larabawa suka zo. Gado ne. Haka "ka", "ki", "ku" suke daidai da ƙarshen "kitabuka", "kitabuki", "kitabukum". Haka "ma" ɗin farkon "mabuɗi" da "makaranta" yake aiki irin na "miftah" da "madrasa". Ba a cika aron irin waɗannan ba, domin su ne ƙashin bayan harshe.

Hanyar rarrabewa ba wuya. Kafin ka buɗe ƙamusun Larabci, leƙa gidan 'yan'uwa. Bolanci, Ngizim, Angas, Mwaghavul, duk harsunan Cadi ne. Idan ka tarar da kalmar a cikinsu, kowanne da irin furucinsa, kamar yadda Angas ke cewa "mut", to ta daɗe a gida tun kafin a rabu. Idan kuwa ba ta nan sai a harsunan da Musulunci ko fatauci ya ratsa, kuma ta shafi addini, shari'a, karatu ko ciniki, sannan ka fara zargin aro. Lissafi ya nuna wannan a fili: daga ɗaya zuwa goma namu ne, amma ashirin, talatin, arba'in har casa'in na Larabci ne, sun ture tsohon ƙidayar "gomiya biyu", "gomiya uku".

Ga misalin da ya kamata kowa ya haddace, wato "boko". An daɗe ana rubutawa a jaridu, har da littattafai, cewa daga kalmar Turanci ta littafi aka samo ta. To, a gwada. Akwai wata kalmar Turanci da ke da sauti iri ɗaya sak in ban da harafin farko, ita ce ta mai dafa abinci, kuma mun are ta, ta zama "kuku". Ashe da mun ari ta littafi, "buku" za mu ce. Babu wata ƙa'ida a Hausa da za ta mai da wannan wasali "o". Sai kuma ma'ana: ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo boko da ma'anar algus da yaudara, kuma muna da "amaryar boko" da "biri boko", waɗanda ba ruwansu da makaranta. Masanin harshen Hausa Paul Newman ya yi wannan bayani dalla-dalla a 2013. Kalmar tamu ce, mutanen da suka raina karatun Nasara ne suka laƙaba masa ita. Amma har gobe za ka ji mai digiri ya miƙe a taro yana maimaita tsohon zancen, bai taɓa tambayar kansa ina "u" ta tafi ba. Wannan ba bincike ba ne, ji-ta-ji-ta ce. Haka masu fasa "Hausa" gida biyu su ce "hau sa" ne. Labari ne mai daɗin ji, amma duk kalmar da ka ga dama kana iya fasa ta haka.

Ni dai ƙa'idata ita ce ba na karɓar wani sauyin sauti sai na samo aƙalla kalmomi uku da suka bi shi. Misali, wani zai yi shakkar cewa "alƙali" daga "alƙadi" take, don ina "l" ta fito? Sai a jera: alwala daga wudu'u, farilla daga farida, haila daga haid, Ramalan daga Ramadan. Duk harafin ladi ne, kuma duk ya zama "l". Sauyi ɗaya tilo ba hujja ba ne, amma wanda ya maimaita kansa sau huɗu ya zama doka.

Kuskure na biyu shi ne tsallake dillali. Sai a ce "daga Larabci" a rufe littafi, kamar dai kalmar ta tashi sama daga Makka ta sauka a kasuwar Kurmi. Kalma da ƙafar mutane take tafiya, kuma duk bakin da ta ratsa yana bar mata alama. Ɗauki "kasuwa". Larabci "suƙ" yake cewa. Ina aka samo "ka" na farko? Hausa ba ta da ɗabi'ar liƙa wa suna "ka", amma Barebari suna da ita, kuma suna cewa "kasugu". Ke nan ta Borno kalmar ta biyo. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa "karatu" da "rubutu" ma ta hannun Barebari muka same su, kuma hakan ya dace da sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima da suka zo daga can. Wanda ya tsaya a "Larabci" kawai ya zubar da wannan tarihi gaba ɗaya.

Haka abin yake ta kudu. Yarbawa suna da wani sauti da ake haɗa "k" da "p" a furta lokaci guda, Hausa ba ta da shi, sai ta mai da shi "kw". Daga nan aka sami "akwati". Shi ya sa "kwano" ke da ban sha'awa: asalinsa kalmar Turanci ce, "pan", mai farawa da "p", kuma da kai tsaye muka are shi da "f" zai zo, kamar fenti, fasinja, famfo, fensir. Wannan "kw" ita ke shaida cewa ya kwana a bakin Yarbawa kafin ya iso. Ashana da akawu kuwa nasu ne na kansu. Takobi da ayari na Buzaye ne, baffa da goggo da kawu na Fulani.

Ko abin da ya fito daga Larabcin ma ba rana ɗaya ya shigo ba. Dubi "Talata" da "sulusi". Tushensu ɗaya, kalmar uku, kuma harafi ɗaya ne a farkonsu, wanda ake furtawa da harshe tsakanin haƙora. A ɗaya ya zama "t", kamar a Litinin da tamanin, yadda Larabcin baka na 'yan kasuwa yake yi. A ɗayar ya zama "s", kamar a misali, hadisi, Usman, yadda malamai ke karanta shi daga littafi. Wata alamar ita ce "al" ɗin Larabci. Mutumin da bai san nahawu ba yana jin "alkhabar" a matsayin kalma ɗaya, sai ya haɗiye ta duka, aka sami labari, liman, lahira, Laraba, littafi. Shi ya sa muke da tagwaye: laifi da aibi abu ɗaya ne a asali, haka lissafi da hisabi. Na farkon ya biyo ta kunne har ya sauya ma'ana, na biyun ya biyo ta allo. Abin ya sake faruwa a Nijar da Faransanci, inda makaranta ta zama "lakwal", an haɗa da "l" ɗin da ba na kalmar ba.

Na uku, kuma nan ne nake rasa haƙuri: ɗaukar Hausar Kano, da yake ita ake rubutawa, a matsayin asali, a ce Sakkwatanci ko Katsinanci karkacewa ne. Malam, ka juya abin. Basakkwace da ke cewa "zamna", "sabka", "abduga", "biyat" shi ne ya riƙe tsohon furuci. A gabas ne baƙin da ke rufe gaɓa ya yi laushi: na leɓe ya zama "u", aka sami zauna, sauka, auduga, na bakin haƙori ya zama "r", aka sami biyar. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya tsara wannan doka wajen 1928, har yau da sunansa ake kiranta. Ba sai ka je Sakkwato ba ma, shaidar tana bakinka. Me ya sa jam'in zuciya zukata ne? Domin da akwai "k" a cikin tilon, ta narke a ƙarshen gaɓa, amma ta tsira a jam'i inda wasali ya biyo ta. Haka talaka da talauci, haƙori da haure, ɓauna da ɓakane, juji da jibaje. Dokar ba ta bar kalmomin aro ba: "assabt" ta zama Asabar. Ta wata dokar kuma "alwaƙt" ta zama lokaci, inda "t" ta koma "c" a gaban "i" kamar a mota da motoci, amma jam'in "lokuta" ya fito da ita sarari. Saboda haka duk kalmar da zan bincika, sai na fara rubuta jam'inta da yadda ake faɗinta a yamma, kafin in kwatanta ta da wani harshe. Kwatanta furucin yau da na wani harshe ba tare da wannan ba aikin banza ne.

Sauran ƙanana ne. Kada ka dogara da rubutun boko, ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti: kukan yaro da kukar miya rubutu ɗaya ne, kalmomi biyu ne. Kada ka ɗauki wasulan "burodi" da "fursuna" a matsayin kuskuren wanda bai iya Turanci ba, Hausa ce ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, sai ta cusa wasali. Kada ka zaci aro hanya ɗaya yake bi, domin albasa da lafiya da muka karɓo daga Larabci suna nan a bakin Yarbawa, "alubosa" da "alafiya". Sannan ka rubuta inda ka ji kalma da shekarar ƙamusun da ka same ta a ciki, domin "lasisi" a Kano "farmi" ne a Maraɗi, kuma wannan bambanci bai girmi zuwan Turawa ba.