Yadda Ake Rubuta Bayanin Murya na Bidiyo Domin Makafi

Yawancin sababbin shiga wannan aiki da rubutu suke farawa, shi ya sa bayaninsu ke hawa kan maganar mutanen da ke cikin bidiyon. Shiru ake fara aunawa. Ka kunna bidiyon, ka juya wa allon baya, ka saurara har ƙarshe. Duk inda labarin ya kuɓuce maka, a nan zai kuɓuce wa makaho. Sannan ka sake kallo da biro a hannu, kana rubuta daƙiƙar da magana ta tsaya da wadda aka ci gaba.

A ce bidiyon asibiti ne na koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Uwar yaro, ki zuba wannan a cikin wannan," ta yi shiru daga daƙiƙa ta 12 zuwa ta 16. Daƙiƙa 4 ke nan a hannunka. Mai karatu a natse yakan furta kalma biyu zuwa uku a daƙiƙa, don haka kada ka wuce kalma 10.

A nan ake yawan faɗuwa. Sai ka ga an rubuta: "Ma'aikaciyar jinya mai fararen kaya da farin hijabi ta ɗauki ƙaramar leda daga kan tebur, ta yage bakinta a hankali, ta juye garin cikin gora." Kalma 25 ce, za ta ci kamar daƙiƙa 10, ta danne umarnin da ke biye, kuma ba ta faɗi yawan ruwan ba, alhali shi ne abin da uwar yaro ke bukata. Abin da ya dace shi ne: "Tana juye leda ɗaya ta garin cikin ruwa lita ɗaya." Kayan jikinta kuwa, ka ambace su sau ɗaya a farkon bidiyon inda ake kiɗa, daga nan ka riƙa kiranta da suna guda har ƙarshe.

Ka faɗi abin da ido ya gani, ka bar wa mai sauraro fassara. Kada ka ce "uwar ta damu", ka ce "uwar ta dafa goshin yaron". Abin da kunne ya ji, kamar kukan jariri ko ƙarar zuba ruwa, ba ya bukatar bayani. Amma duk rubutun da ya fito a allo dole ne ka karanta shi, musamman lambar waya da awon magani.

Idan gurbin ya yi kaɗan kuma bayanin ba ya baruwa, sai a tsayar da hoton a ƙara daƙiƙu, in mai bidiyon ya yarda. Ba sai ka kashe kuɗin sutudiyo don gwaji ba, wayarka ta isa. Ka karanta da ƙarfi bidiyon na tafiya, ka datse duk jimlar da ta sa ka sauri, sannan ka kunna wa makaho ya ba ka labarin abin da ya faru kafin a naɗi na ƙarshe.