Yadda ake auna rahoton Lugard a jarrabawar tarihi

Yaran da nake wa lesin a Agege kullum a nan suke zubar da maki, abin yana damuna wallahi. A ce an ba ka rahoton da Lugard ya aika Landan kan cin Kano da Sakkwato a 1903, aka ce ko abin dogaro ne.

Da farko ka faɗi asalinsa, wa ya rubuta, yaushe. Lugard ne Babban Kwamishinan Arewa lokacin, yana cikin lamarin tsundum, don haka ranaku da sunayen hafsoshinsa za ka iya yarda da su.

Sai manufa, nan ne makin yake. Wa yake rubuta wa? Iyayen gidansa a Landan, waɗanda ba sa son kashe kuɗi a yaƙi, to dole ya nuna yaƙin ya zama tilas, shi ya sa yake ta nanata cinikin bayi da zaluncin sarakuna.

Sannan ka kawo yanayin lokacin, Faransa na matsowa ta arewa.

Kar ka rubuta "Bature ne, ƙarya yake" ka tsaya. Ka ce wane ɓangare ka yarda da shi, wanne kuma sai an gwada shi da wasiƙun sarakunan da kansu.