Darasi: Cire Zaren da Ya Cukurkuɗe a Ƙarƙashin Keken Ɗinki

Kana cikin ɗinki sai ka ji keke ya yi ƙara ya cije, yadi ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ka ɗaga gefen yadin ka ga zare ya taru a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Wannan darasi zai bi aikin a kan baƙin keke na ƙafa, wanda ƙoshiyarsa ke shiga ta gefe.

Da farko ka san wurin. A ƙarƙashin farantin allura akwai kwarkwaro, wato abin da ake naɗa zaren ƙasa. Kwarkwaro yana cikin ƙoshiya. Ita kuma ƙoshiya tana zaune a tsakiyar wani ƙarfe mai siffar rabin wata, mai tsini a baki. Shi ne ƙugiya. Aikinta ta kamo zaren allura ta zagaya da shi bayan ƙoshiya. Hanyar da take kai da komowa matsattsiya ce ƙwarai, shi ya sa guntun zare ɗaya ya isa ya tsayar da keke.

Da zarar ya cije, ka ɗauke ƙafa daga feda. Kada ka murɗa wili da ƙarfi, kada kuma ka fizgi yadin. Ƙarfi yana lanƙwasa allura, yana dakushe bakin ƙugiya. Sauke bel. Idan keken na lantarki ne, zare shi daga soket.

Yanke zaren sama kusa da allura. Ɗaga ƙafar da ke danne yadi, ka ɗan ɗaga yadin, ka sa ƙaramin almakashi a ƙarƙashinsa ka yanyanke zaren har ya saki. Kwance allura, amma ka lura da gefen da shafaffen bayanta yake kallo, domin a haka za ka sa sabuwa. Ja murfin da ke gefen farantin allura, kama marfin ƙoshiya ka fito da ita. Sai ka sa hantsaki ka riƙa zaro zaren, kana ɗan motsa wili gaba da baya a hankali.

Idan wili bai saki ba, zare ya shige bayan ƙugiya ke nan. Kwantar da kan keke baya. Akwai zobe da ya rufe ƙugiyar. A wasu kekuna maƙallai biyu ne suke riƙe shi, sai a tura su gefe, a wasu kuma sukuru ake kwancewa. Cire zoben, kama sandar tsakiyar ƙugiya ka fito da ita. In ta ƙi fitowa, ɗiga man keke digo biyu a hanyarta, ka jira minti 5. Kada ka banƙare ta da sukundireba.

Share wurin da ƙaramin buroshi. Hura iska da baki ba dabara ba ce, ƙurar takan ƙara shigewa ciki ne. Bi bakin ƙugiya da farce. In farcen ya sarƙe, akwai kaushi, kuma nan ne zare zai riƙa tsinkewa, sai a goge shi a hankali da samfefa mafi laushi. Ɗiga mai digo ɗaya a hanyar ƙugiya.

Wajen mayarwa, juya wili har sandar allura ta kai ƙololuwa. Ƙarfen da ke tura ƙugiya shi ma rabin wata ne, don haka sa ƙugiya ta cike ɗaya rabin su zama da'ira. Mayar da zobe, ɗan tsininsa ya faɗa raminsa. Sa ƙoshiya, ɗan yatsanta yana kallon sama, har ka ji ta yi ƙas. Sa sabuwar allura.

Yawancin masu koyo kwarkwaro suke zargi, alhali tulin zaren nan na sama ne. Gwada ka gani: sa jan zare a sama, fari a ƙasa, za ka tarar ja ne ya taru. Dalili kuwa, in aka zura zare ƙafar danne yadi tana ƙasa, fayafayan da ke matse zare a rufe suke, zaren bai shiga tsakaninsu ba, sai ya riƙa zuba ƙasa sako-sako. Haka ma in an tsallake ƙarfen da ke hawa da sauka yana jan zare. Saboda haka ka ɗaga ƙafar, ka sake zura zare tun daga farko. Bar jelar zare biyun ta kai santimita 10, ka riƙe su ta baya har allura ta soka sau 3. Wili kuma wajenka ake juyo shi, juya shi baya yana cukurkuɗa zare nan take.

Kafin ka mayar da bel, juya wili da hannu a kan ƙyallen gwaji. In allura tana bugun ƙarfe, ko ta kasa ɗauko zaren ƙasa bayan ka tabbata ta zauna daidai, saitin ƙugiya da allura ne ya goce. Wannan aikin mai gyaran keke ne, kai masa.