Darasi na Bakwai: Toshe Hanyar Ruwa a Banɗaki Kafin Ɗora Tayil

Duk wanda ya taɓa zama a gidan bene a Barnawa ko Unguwar Rimi a Kaduna ya san wannan alama: fentin ɗakin da ke jikin banɗaki ya kumbura daga ƙasa, farin gishiri ya feso, ɗakin na warin danshi ko da rani. Sai a ɗora wa mai tayil laifi. Alhali shi tayil ba ya tare ruwa gaba ɗaya, domin simintin da ake cike tsakaninsa da shi yana tsotsar ruwa. Abin da ke tarewa shi ne shafen da ke ƙarƙashinsa.

Shafen nan iri-iri ne. Akwai shimfiɗar kwalta da ake mannawa da wuta, wadda ta fi dacewa da saman rufin kankare, domin gam ɗin tayil ba ya kama ta sai an sake zuba mata daɓe. A banɗaki na fi son mai haɗi biyu, garin siminti da ruwan roba, wanda ake kwaɓawa a shafa da burushi. Tayil na zama a kansa kai tsaye.

Mu ɗauki banɗaki mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1.5. Da farko a yi daɓe mai gangare zuwa magudana, kamar santimita 2 a kowace mita. A bar shi ya bushe, a share ƙura, a cike tsaga, sannan a ɗan jiƙa shi, amma kada ruwa ya kwanta. Daga nan sai kusurwa, inda ƙasa ta haɗu da bango. Nan ne ruwa ya fi samun kafa, saboda gini yana motsi kaɗan kaɗan, shafen kuma ya tsage. A liƙa ƙyallen raga a kusurwar da kewayen bakin bututu, a danne shi cikin ɗanyen shafe. Maginin da ya ce wannan ɓata lokaci ne, kada ka yarda.

Shafi biyu ake yi, na biyu ya gitta na farko bayan ya sha iska. A hau bango aƙalla santimita 30, wajen shawa kuwa har mita 1.8. Kada a ƙara ruwa a kwaɓin don ya auku, kuma da hunturu a rufe taga, iskar tana busar da shi kafin ya yi ƙarfi.

Bayan ya bushe bisa kwanakin da aka rubuta a jikin bokitin, a toshe magudana, a zuba ruwa kamar santimita 3, a yi alama a bango. A bar shi awa 24 zuwa 48, a sauka ƙasa a duba silin. In an ga tabon danshi, ko ruwan ya sauka sosai daga alamar, a gyara yanzu. Bayan an ɗora tayil, gyaran sai da guduma.