Babi na 7: Rubutun Ƙasan Saƙo Mai Jerin Hotuna

Darasi na 1: Ku fara gane abin da ke gabanku

Ku ɗauki wayarku ku buɗe Instagram. Ku nemo saƙon da ke da 'yan ɗigo-ɗigo a ƙasan hotonsa. Waɗannan ɗigo suna nufin hoton ba ɗaya ba ne, akwai wasu a bayansa. Ku ɗora yatsa a kan hoton ku ja shi zuwa hagu, na biyu zai fito. A sama ta hannun dama za ku ga lamba kamar 2/6. Ma'anarta kuna kan hoto na 2 cikin hotuna 6. Ku riƙe wannan lamba da kyau, domin za mu yi ta komawa kanta har ƙarshen babin nan.

Instagram ya fara barin mutane su jera hotuna haka a shekarar 2017, a lokacin iyakarsu 10. A 2024 aka ƙara zuwa 20. Ku da kuke koyo ba ku bukatar da yawa, shida sun ishe ku.

Yanzu ku duba ƙasan hoton, kusa da sunan mai saƙon. Rubutun da ke wurin shi muke kira rubutun ƙasa. Ku sake jan hotunan ku lura: hoto yana canzawa, rubutun ƙasa yana nan yadda yake. Rubutu ɗaya ne yake yi wa hotuna shida hidima. Saboda haka dole ku ne za ku gaya wa mai karatu wane layi ne na wane hoto, ba mai yi muku wannan.

Darasi na 2: Layin farko

Rubutun ƙasa yana ɗaukar haruffa har 2,200, amma ba duka ake nuna wa mutum ba. Abin da yake gani tun farko bai wuce haruffa wajen 125 ba, wani lokaci ma bai kai haka ba, sai a yanke a sa kalmar more. Sai ya taɓa more sauran zai buɗe. Idan aka ce harafi a nan, har da ɗigo, waƙafi da filin da ke tsakanin kalma da kalma.

Yawancin ɗalibai gaisuwa suke fara rubutawa, su tambayi lafiyar jama'a, su yi fatan alheri, kafin su zo kan magana an yanke. Gaisuwa ba laifi ba ce, amma a nan ba ta da wurin zama a layin farko. Layin farko aiki uku yake yi: ya faɗi abin da mutum zai samu, ya faɗi yawan hotunan, ya ce masa ya ja.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi. Muna so mu koya wa mutane yadda za su kulle WhatsApp ɗinsu da lambar sirri, kuma mun shirya hotuna 6. Layin farko:

"Kada a ƙwace maka WhatsApp: matakai 4 a hotuna 6. Ja hagu ka gani."

Wannan bai kai haruffa 70 ba, ba abin da za a yanke. Ku kwafe shi a littafinku, ku ja layi a ƙarƙashin kowane ɗaya daga ayyukan nan uku.

Darasi na 3: Lambar rubutu ta zama lambar hoto

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe. Kada ku ji kunya in kun ruɗe, masu saurin ganewa ma a nan suke ruɗewa.

Hoton farko bango ne, take kawai yake ɗauke da shi. Amma waya tana ƙirga shi, tana kiransa 1/6. Ke nan mataki na farko yana kan hoto na 2, mataki na biyu yana kan hoto na 3, haka har ƙarshe. Ɗalibi sai ya manta da bango, ya rubuta "1. Buɗe Settings". Mai karatu ya duba 1/6, ba ya ganin Settings, take yake gani. Ya ja gaba, wayarsa tana cewa 2/6, rubutu a lamba 2 yana maganar abin da bai iso ba tukuna. Daga nan ya ɓata, wanda ya ɓata kuwa wucewa yake yi.

Maganin abin sauƙi ne. Kada ku rubuta lamba ita kaɗai. Ku rubuta kalmar "Hoto" a gabanta, kuma lambar ta zama wadda waya take nunawa a sama. Bango shi ne hoto na 1. Ku faɗa da baki: bango shi ne hoto na 1.

Kafin ku taɓa waya, ku yi wannan a takarda. Ku zana akwati shida a jere, ku rubuta 1 zuwa 6 a kansu. A akwati na 1 ku rubuta "bango". A sauran ku rubuta abin da ke cikin kowane hoto da kalma biyu ko uku. Daga takardar nan za ku ɗauko rubutunku, kamar haka:

Hoto na 2: Buɗe WhatsApp ka shiga Settings.

Hoto na 3: Taɓa Account, sannan Two-step verification.

Hoto na 4: Zaɓi lambar sirri mai lamba 6 wadda ba za ka manta ba. Kada ta zama ranar haihuwarka.

Hoto na 5: Sa adireshin imel ɗinka. Da shi za ka sake sabuwar lamba ran da ka manta.

Hoto na 6: Lambar da WhatsApp ya turo maka ta saƙon tes, kada ka ba kowa, ko da ya ce shi ɗan uwanka ne.

Kun ga da wace lamba muka fara? Da 2 muka fara, ba da 1 ba. Me ya sa? Domin bango ya riga ya ɗauki 1, kuma layin farko na rubutun ya riga ya yi maganarsa.

Ku lura da wani abu kuma. Layin hoto na 4 da na 5 ba maimaita abin da ke hoton kawai suka yi ba. Hoton ya nuna inda za a taɓa, layin ya ƙara abin da hoton bai faɗa ba: kada a sa ranar haihuwa, da kuma amfanin imel. In layi bai ƙara komai ba, ku gajarta shi kamar na hoto na 2. Kowane hoto layinsa daban, da fili tsakaninsu. Kada ku cusa su duka a sakin layi ɗaya.

Yanzu gwaji. Bayan kun tura saƙon, ku buɗe shi kamar baƙo. Ku taɓa more. Ku ja zuwa 2/6, ku karanta layin "Hoto na 2" da ƙarfi. Maganarsu ɗaya? Ku ja zuwa 3/6, ku karanta "Hoto na 3". Haka har 6/6, ba tsallake. In kun sami kuskure, ku taɓa ɗigo uku da ke saman saƙon, ku zaɓi Edit, ku gyara lambar. Rubutun ƙasa yana gyaruwa bayan an tura.

Zan faɗi gaskiya, wannan gwaji shi ne kuke ƙin yi. Mutum ya tura saƙo yana zumuɗi, ya kawo mini waya in duba, in tambaye shi ko ya bi hotunan ɗaya-ɗaya, ya ce ai ya tabbata. Da na ja sau biyu sai lamba ta kauce. Tabbas ɗin baki ba ya gyara lamba, 'yan uwa. Aikin bai kai minti biyu ba, kuma ba zan duba wayar wanda bai yi shi ba.

Sauran wuri ɗaya da lamba take kaucewa: idan kun goge hoto daga cikin jerin bayan kun tura. Kun cire na 3, to na 4 ya koma 3, na 5 ya koma 4, kuma layin farko da ya ce hotuna 6 ya zama ƙarya. Dole ku koma Edit ku sake ƙirgawa daga bango. Bango kuwa na nawa ne? Na 1.

Darasi na 4: Roƙon a adana, roƙon a tura

A ƙasan hoton ta dama akwai alama kamar ƙyallen da ake sa wa littafi don kada shafi ya ɓace. Ita ce ta adanawa, abin da kuke kira sebin. Wanda ya taɓa ta ya ajiye saƙon don ya dawo. Alama mai kama da jirgin takarda ita ce ta turawa, wato sharin.

Waɗannan biyu ba dalilinsu ɗaya ba. Mutum yana adanawa ne don kansa, saboda zai bukaci abin nan gaba. Yana turawa ne don ya tuna da wani. Saboda haka "ku yi sebin ku yi sharin" ba ya motsa kowa. Don adanawa ku faɗi lokacin da zai bukace shi. Don turawa ku faɗi irin mutumin da za a tura wa:

"Adana wannan, ranar da ka sake waya za ka neme shi. Tura wa wanda ka san in an tambaye shi lamba zai bayar."

Wurin roƙon shi ne ƙarshen rubutu, bayan layin hoto na 6, lokacin da mutum ya riga ya amfana. Ku sa shi a gajarce a kan hoton ƙarshe ma, domin wasu ba sa taɓa more. Roƙo biyu sun isa. Kada ku ƙara da roƙon layik, da kwament, da bin shafi.

Darasi na 5: Yadda za ku san ya yi aiki

In asusunku na sana'a ne, za ku ga View insights a ƙasan saƙonku. Ku taɓa, zai nuna yawan waɗanda suka adana da waɗanda suka tura. Ba ya nuna sunan wanda ya adana. Ku rubuta lambobin a littafi, ku kwatanta da saƙonku na gaba.

Darasi na 6: Adireshin intanet

Adireshin da aka sa a rubutun ƙasa na Instagram ba ya buɗewa in an taɓa shi. Ku sa shi a bayanin shafinku, ku gaya wa mutane yana can.

Aikin gida

Ku zaɓi abu ɗaya da kuka iya yi a waya. Ku zana akwati 5 a takarda, ku rubuta layin farko, layin kowane hoto, da roƙo biyu. Ku zo da takardar. Abin da zan fara dubawa shi ne lambar da kuka ba bango.