Babi na Shida: Karanta Takardar Hoton Zuciya (Eko)

Darasi na ɗaya

To jama'a, kowa ya buɗe littafinsa. Yau za mu koyi karanta takardar da ake ba mutum bayan an yi masa hoton zuciya, wanda a asibiti suke cewa eko. Irin sikanin ɗin da ake yi wa masu juna biyu ne, sai dai shi a ƙirji ake yi. Za a ce ka kwanta ta gefen hagu, a shafa maka wani abu mai sanyi mai santsi, a ɗora kan na'urar ana ɗan dannawa tsakanin haƙarƙari. Ba allura, ba yanka, sauti ne kawai da kunne ba ya ji yake shiga ya dawo da hoto. Kamar rabin awa an gama.

Darasi na biyu

A takardar ku nemi haruffa biyu, EF, wani lokacin a rubuta LVEF. Ku sa yatsa a kai. A gefensu akwai lamba da wannan alama %, ma'anarta kashi cikin ɗari.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, na ƙasa ta hagu shi ke tura jini zuwa duk jiki. Yana cika, sai ya matse, jini ya fita, amma ba duka yake fita ba, kullum sai wani ya rage a ciki, ko a zuciyar ɗan ƙwallo. EF shi ne kason da ya fita a matsa guda.

Mu yi lissafi tare, a hankali. Ɗakin ya cika da mililita 120, wato kusan rabin kofin shayi. Ya matse, 48 ya rage. Me ya fita? 72. A raba 72 da 120, a ninka da ɗari, ya ba da 60. To EF 60% kenan, kuma wannan lafiyayyar zuciya ce.

Nan ne kowa yake tuntuɓe, shi ya sa zan maimaita. 60% ba makin jarrabawa ba ne. Ba a neman ɗari. Wani dattijo a ajin bara ya zo min da takardarsa hannu na rawa, wai an rubuta 58, saura 42 na zuciyarsa ya mutu kenan, kwana uku bai ci abincin kirki ba. Na ce Baba kwantar da hankalinka, 42 ɗin nan jini ne da ya saura a ɗaki yana jiran bugu na gaba, ba naman zuciya ba ne. Ku faɗa tare da ni: kason jinin da ya fita ne. Kuma dai. Kason jinin da ya fita. Yauwa, madalla, kuna ƙoƙari.

Daga 50 zuwa 70 daidai ne. 41 zuwa 49 ya ɗan yi ƙasa. 40 ko ƙasa da haka zuciya ta yi rauni, kamar wadda ta buɗe har tana ɗaukar 200 amma 60 kawai take turawa, EF 30% kenan. Irin wannan ake gani ga wasu mata bayan haihuwa, masu kumburin ƙafa da haki in sun kwanta, kuma ciwon yana da yawa a nan arewa. Da magani lambar takan iya hawa.

Yanzu in na tambaya 60% na nufin me, wani ya ce min saura 40 a cike maki, gaskiya raina zai ɓaci. Sau nawa zan faɗa? Masu hira a baya ku nake nufi, gobe ku ne za ku kai takarda wurin mai kemis ya tsorata ku. Ba maki ba ne. Kason jinin da ya fita ne.

Darasi na uku

Eko yana nuna girman ɗakuna, kaurin bango wanda hawan jini ke jawowa, ƙofofin zuciya ko suna yoyo ko sun tsuke, da ruwa in ya taru a jakar da ta kewaye zuciya. Amma ba ya nuna toshewar ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta, wannan wani gwajin daban ake yi. Kuma mutum zai iya samun EF 60 yana haki, saboda bangon ya yi tauri ba ya sakewa ya cika sosai. Don haka lamba mai kyau ba dalilin ajiye magani ba ce sai likita ya ce. In yau an rubuta 55 wani watan 60, kar a damu, awon ne yakan ɗan bambanta daga hannu zuwa hannu.

Darasi na huɗu

ECG daban, eko daban. ECG shi ne mai wayoyi a ƙirji da dogon zane a takarda, ba ya ba da EF.

Aikin gida: ɗaki ya cika da 100, 45 ya rage. Nawa ne EF? A kawo ranar Laraba.