Babi na Shida: Shafin Facebook na Mamaci da Abin da Dangi Za Su Iya Nema

Darasi na 1: Abin da ke faruwa da shafin

Idan mutum ya rasu, Facebook ba su san ya rasu ba sai an gaya musu. Shi ya sa ranar haihuwar marigayi ke zagayowa, wayarka ta ce ka taya shi murna, alhali an daɗe da yin addu'ar arba'in. Dangi suna da abu biyu da za su iya nema: ko a mai da shafin na tunawa, ko a goge shi gaba ɗaya.

Shafin tunawa ana gane shi da kalma ɗaya da ke fitowa kusa da sunan mutum: `Remembering`. Ka duba haruffanta da kyau, ko ba ka iya furta ta ba. Da zarar ta bayyana, an kulle shafin. Babu mai iya shiga ciki, ko yana da kalmar sirri. Hotuna da rubuce-rubucen marigayi suna nan yadda ya bar su, kuma waɗanda ya yarje wa su gani da ransa su ne za su ci gaba da gani. Tunin ranar haihuwa zai tsaya.

Kullewar nan tana da amfani. Shafin mamaci da aka bari a buɗe, ɓarawon intanet na iya kwace shi ya riƙa aika wa abokai saƙo cewa iyali na neman gudummawar jana'iza ta MoMo.

Darasi na 2: Sunan da ke shafi da adireshinsa

A nan ne mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali. Babu kunya a maimaita.

Mutum ɗaya a zango yana iya amsa suna uku. A ce wani dattijo ne a unguwar Aboabo a Kumasi. A gida ana ce masa Baba Yusufu. A katin Gana an rubuta Issifu. Jikansa da ya buɗe masa Facebook kuma ya rubuta Yussif, ya ƙara laƙabi a baya. Ma'aikacin Facebook da zai duba takardarka bai san Aboabo ba, bai san Baba ba. Abin da ke gabansa kawai shi ne shafi da takarda, yana duba ko sun yi daidai.

Saboda haka, kafin komai, ka nemo shafin da kanka. Buɗe Facebook a wayarka, ba a wayar marigayi ba. Shiga jerin abokanka, ka taɓa sunansa. Duba hoton. Shi ne? Sauka ƙasa ka duba rubutu na ƙarshe da ranar da aka yi shi. Dalili kuwa, mutanenmu da yawa suna da shafi biyu ko uku: waya ta ɓace a Kejetia, an manta kalmar sirri, sai a buɗe sabo. Kowane shafi buƙatarsa daban. Idan ka aika na tsohon shafi kaɗai, sabon zai ci gaba da zama a buɗe.

Yanzu ɗauki biro. Kwafe sunan a littafinka harafi bayan harafi, yadda yake a fuskar waya. Idan `s` biyu ce, rubuta biyu. Kada ka gyara. Kada ka ce ai kuskure ne, ga yadda ake rubuta Yusufu. Ba gwajin rubutu ake yi maka ba, kwafi ake nema.

Sai adireshin shafin. A ƙarƙashin hoto da suna akwai ɗigo uku a jere, haka: `...` Taɓa su. A shafin da zai buɗe, sauka ƙasa ka nemi `Copy link`, ka taɓa sau ɗaya. Ba za ka ga wani abu ya canja sosai ba, kuma a nan ne ɗalibai ke cewa bai yi ba, su yi ta dannawa. Ya yi. Wayar ta riƙe adireshin. Don ka tabbatar, buɗe WhatsApp, shiga hirar wani ɗan gida, ɗora yatsa a wurin rubutu ka riƙe har `Paste` ya fito, ka taɓa shi, ka aika. Taɓa shuɗin rubutun da ka aika. Idan ya kai ka shafin marigayi, ka yi daidai. Idan ya kai ka naka shafin, to ɗigo ukun naka ka taɓa. Koma ka sake.

A sake faɗa: ɗigo uku na shafin marigayi, `Copy link`, a liƙa, a gwada. Yi aikin nan sau uku da shafin abokin zamanka a aji kafin ka juya shafi na gaba. Hajiya, ke ma ki yi da hannunki, kada ki miƙa wa jika. Wanda ya tsallake wannan, duk abin da ke gaba zai rikice masa, kuma ba laifin waya ba ne.

Darasi na 3: Cika fom

Fom ɗin neman mai da shafi na tunawa yana sashen taimako na Facebook, wato `Help Center`. A wurin bincike rubuta `Memorialization Request`. Zai tambaye ka wanda ya rasu, ranar rasuwa, shaidar rasuwa, da imel ɗinka. A wurin wanda ya rasu, sa sunan da ka kwafa a littafi ko ka liƙa adireshin nan da ka gwada. Sunan shafi, ba sunan gida ba.

Ranar rasuwa da kalandar bature ake rubutawa. Idan abin da gida suka riƙe shi ne kwana biyu bayan Babbar Salla, a zauna a lissafa, ko a duba takardar asibiti.

Shaida ita ce wurin da mu Musulmi muke samun cikas. Muna binne mamacinmu da wuri, sau da yawa a ranar, a kai shi maƙabartar Tafo a dawo a zauna zaman makoki, maganar takarda kuma a bar ta sai buƙata ta taso. Takardar shaidar mutuwa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa ake karɓar ta, kuma ita ce mafi ƙarfi. Idan a asibiti aka rasu, kamar Komfo Anokye, a adana takardar likita, domin da ita ake zuwa rajista. Don mai da shafi na tunawa, ana iya gabatar da sanarwar rasuwa da aka buga.

Ɗauki hoton takardar da rana, a shimfiɗe a kan tabarma ko tebur, kusurwa huɗu duk su fito. Buɗe hoton ka faɗaɗa shi da yatsu biyu. Idan kai ba ka iya karanta suna da kwanan wata ba, su ma ba za su iya ba.

Mu koma ga Baba Yusufu. Takarda ta ce Issifu, shafi ya ce Yussif. Facebook suna so bayanin takarda ya dace da na shafi, don haka za su iya dawo maka da tambaya ko su ƙi. Kada ka taɓa takardar da biro. Idan amsa ta zo ta imel, ka bayyana a gajarce cewa mutum ɗaya ne, rubutun sunan ne ya bambanta, ka haɗa da sanarwar rasuwa mai hotonsa idan akwai. Kuma imel ɗin da ka sa ya zama wanda kake iya buɗewa. Wasu sukan sa na mai shagon da ya cika musu fom, amsa ta tafi can, su zauna suna cewa an yi banza da su. Wannan sakaci ne.

Neman gogewa ya fi tsauri. Aboki ma na iya neman a mai da shafi na tunawa, amma gogewa sai dangi na kusa ko mai kula da gado, da takardar shaidar mutuwa, ko wata takarda da ke nuna hurumin mai nema, kamar wasiyya, haɗe da shaidar rasuwa. Abin da aka goge ba ya dawowa. A yi shawara da matar marigayi da 'ya'yansa, har waɗanda ke ƙetare, kowa ya sauke hotunan da yake so tukuna.

Abin da ba za ku samu ba shi ne kalmar sirri da saƙonnin marigayi na Messenger. Cika fom ba ya buɗe su, ko ga uwa, ko ga mata.

Darasi na 4: Naɗa wakili tun da rai

Tun 2015 Facebook suka ba mutum damar zaɓen wanda zai kula da shafinsa bayan rasuwa. A waya sunansa `Legacy contact`, mu za mu ce wakili. Sai mai shekara 18 zuwa sama ke iya naɗawa, kuma wakilin ya kasance abokinka a Facebook. Ga hanyar, ko da yake sukan sauya wurin maɓallai:

```
Settings > Accounts Center > Personal details
> Account ownership and control > Memorialization
```

A nan za ka zaɓi ko dai wakili, ko `Delete after death`, wato a goge shafin idan an tabbatar da rasuwarka. Wajen zaɓen wakili ma darasi na 2 ne: duba hoto, tabbatar shafin da yake amfani da shi yanzu ne, ba tsohon da ya yasar ba.

Aikin wakili ba ya farawa sai shafi ya zama na tunawa. Zai iya kafa rubutu a saman shafi, kamar sanarwar ranar addu'a, ya canja hoto, ko ya nemi a goge shafin. Zai iya sauke kwafin abin da ka wallafa idan ka ba shi izini tun farko. Ba zai iya shiga a matsayinka ba, ba zai karanta saƙonninka ba, ba zai cire abokanka ba. Idan ba ka naɗa kowa ba, shafin zai tsaya yadda ka bar shi. Gaya wa wakilin da baki.

Darasi na 5: Sauran

WhatsApp ba shi da shafin tunawa. Yawanci ana goge asusun da ya yi kwana 120 ba a hau ba, don haka a kwashe hotuna da saƙon murya daga wayar da wuri. Google yana da `Inactive Account Manager`, inda mutum ke zaɓen wata 3, 6, 12 ko 18 na rashin amfani da asusun, da waɗanda za a sanar idan lokacin ya cika. Shi ma sai da rai ake saita shi.

Aikin gida: kwafo sunan shafinka harafi bayan harafi, ka aika wa kanka adireshinsa, ka zo da sunan wanda kake so ya zama wakilinka.